Canva Pro na Dubu Biyu da Tambarin Hajiya

Mu masu dizain na unguwa akwai mu da tambaya, amma sai a inda ba ta da amfani. Za mu tambayi mai data sau uku ko gigar nan tana kai wata guda. Za mu tambayi mai firinta dalilin da ya sa jan da muka tura ya fito kamar ruwan goro. In aka zo kan manhajar da muke cin abinci da ita kuwa, babu mai tambayar komai. Shafin sharuɗɗa ya buɗo, mu gangara da babban yatsa har ƙasa, mu danna amincewa, mu ce Bismillah. Wanda ya tsaya karantawa ma dariya muke yi masa, wai ya zama lauya.

Shi ya sa zancen wani ƙanenmu ya ƙi ƙarewa a majalisa. Yaron ya zauna ya rubuta wa kamfanin Canva saƙo, yana tambaya ko tsarin da yake kai ya ba shi damar yin aikin kuɗi. Da labari ya iso teburin mai shayi, wani cewa ya yi gulma ce, wani ya ce ya tono wa kansa rami, mai shayin kansa ya ce shi bai taɓa jin ɓarawon da ya je ofishin 'yan sanda neman izini ba. Yaron dai ba ɓarawo ba ne. Yana cikin halin da rabinmu muke ciki ne, sai dai shi abin ya dame shi.

Ga yadda ta faro. Wata Hajiya mai turaren wuta da humra ta ba shi aiki, aikin da ya fi duk wanda ya taɓa samu: tambarin sana'arta, da sitikar da za a manna a kwalabe guda 5,000, da fostar talla ta Instagram. A ƙarshen magana ta ce ɗanta zai kai tambarin Abuja a yi masa rajista, domin akwai wata a Kaduna da ta fara kwaikwayon kwalabenta. Kalmar rajista ɗin nan ce ta hana yaron barci. Tambarin da ya yi mata yana da wani kaskon turare mai hayaƙi a tsakiya, kuma ba shi ya zana kaskon ba. A cikin Canva ya ɗauko shi, irin hotunan nan masu ɗan kambin sarauta a gefe. Sunan Hajiya kuma ya rubuta shi da wani font mai lanƙwasa da ya sauko daga DaFont. Shi Canva Pro ɗin nasa, naira 2,000 ya saye shi a wani zauren WhatsApp, wai na har abada.

Kada kowa ya yi fuska, duk mun san wannan linkin. Ana turo maka shi, ka danna, sai ka ga kambin nan duk ya buɗe, ka cire bayan hoto da dannawa ɗaya, ka ji kai ma ka shigo gari. Ba mu cika tambayar ta yaya abin da kamfani yake karɓar kuɗinsa wata-wata ya koma na har abada a kan kuɗin shinkafa da wake ba.

Mutumin farko da yaron ya tambaya shi ne wanda ya sayar masa. Ya rubuta masa: «Oga, wannan ana aikin kwastoma da shi kuwa?» Amsa ta zo nan take: «Ba matsala, kowa ma haka yake yi.» Da ya karanto mana wannan, sai Baba mai buga kati, wanda tun zamanin da ake yanka harafi da reza yake wannan sana'a, ya ajiye kofinsa.

«Kai yaro, wanda ya sayar maka da abu ka tambaya ko abin yana da kyau?»

«To Baba, wa zan tambaya?»

«Mai abin. Shi wancan ɗan kamasho ne, ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Buɗe wayar mu ga a ina ya ajiye ka.»

Aka shiga saitin asusun. Sai ga sunan wata makaranta da babu wanda ya taɓa jin ta, a wata ƙasa da babu wanda ya taɓa zuwa, ga kuma sunan yaronmu an rubuta masa Student a gefe. Majalisa ta fashe. Mutumin da ya gama bautar ƙasa, yana shirin kai kuɗin aure, ashe ɗan aji ne a wata firamare.

Abin da ke faruwa ke nan a yawancin linkin nan masu araha. Kamfanin yana da tsarin da yake ba malaman firamare da sakandare kyauta, Canva for Education, domin su da ɗalibansu. Sai wani ya samu irin wannan asusu, ya riƙa shigar da mutane a matsayin 'yan ajinsa yana karɓar kuɗi. Ƙa'idar wannan tsarin a rubuce take: abin da aka yi da shi na karatu ne, ba na kasuwanci ba. Sitikar kwalba 5,000 kuwa ko makaho ya shafa ya san ba aikin gida na ɗan makaranta ba ne. Akwai kuma wata matsalar da ba ta shari'a ba, wadda ita ce ta fi cizon mu. Wanda ya shigar da kai yana iya fitar da kai, ko kuma a rufe asusun gaba ɗaya, ka wayi gari ayyukan da ka tara a ciki ba ka iya buɗe su. Kwastoma ya dawo a gyara masa lambar waya a kati, kai kuma ka fara rantse-rantse.

Abin dariyar shi ne, da yaron ya tsaya a kan tsarin kyauta na kowa da kowa, da ya fi zama lafiya. Mu a tunaninmu kyauta na wasa ne, na kuɗi shi ne na aiki. A Canva ba haka abin yake ba. Yarjejeniyarsu ta amfani da hotuna da zane, wadda suke kira Content License Agreement, ta yarda a yi aikin kasuwanci da kayan kyauta da kayan Pro duka, muddin an bi sharuɗɗa. Mai tsarin kyauta ma yana iya biyan kuɗin hoton Pro guda ɗaya don dizain guda ɗaya. Wato yaronmu ya biya 2,000 ne ya sayo wa kansa haramcin da ba ya kansa tun farko.

Baba ya ce abin kamar gidan haya ne. Ka biya kuɗinka cif, mabuɗi yana hannunka, amma in takarda ta ce na kwana ne, ba ka da ikon fasa bango ka buɗe shago. Iya buɗe ƙofa daban, izinin abin da za ka yi a ciki daban. Mu kuwa in dai maɓalli ya dannu, mun ɗauka an halatta mana.

Daga nan ne aka koma kan saƙon kansa. Na farkon da ya rubuta layi ɗaya ne, ma'anarsa: shin zan iya amfani da wannan don kasuwanci? Wata 'yar'uwarmu da ke yi wa wani kamfanin Legas aiki daga ɗakinta, wadda ta fi mu sanin irin waɗannan mutane, ta ce kada ya tura.

«In ka tura wannan, linkin shafin sharuɗɗa za su maido maka, shi ke nan. Ba su san tsarin da kake kai ba, ba su san me ka ɗauka ba, ba su san me za a yi da shi ba. Kasuwanci ai faɗi gare shi. Mai tallar awara a Facebook kasuwanci take yi, mai buga riguna dubu yana sayarwa shi ma kasuwanci yake yi, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.»

«To Yaya, in na faɗa musu gaskiyar inda na samo, ba za su rufe ni ba?»

«Su rufe me? Ajin firamare? Ka fita da ƙafarka tun kafin a kore ka. Ka kwashe ayyukanka, ka koma asusunka na kanka, sannan ka yi tambaya a kan tsarin da za ka tsaya a kai.»

Haka aka yi. Ya sauke ayyukansa, ya fita daga makarantar da bai taɓa gani ba, ya biya Pro na wata ɗaya da sunansa da katinsa, rasit ya shigo imel ɗinsa. Sannan suka zauna suka tsara saƙon da Hausa tukuna, don ya san me yake nufi, kafin ya mayar da shi Turanci. Ga abin da ya ƙunsa:

«Ni mai dizain ne mai zaman kansa a Nijeriya. Ina kan tsarin Pro na mutum ɗaya, da wannan adireshin imel, kuma ga rasit ɗina. Ina yi wa wata mai sayar da turare aiki, za ta biya ni. A cikin aikin na yi amfani da zane guda ɗaya na Pro, ga sunansa da linkinsa. Tambayoyina huɗu ne. Na ɗaya, ko za a iya buga wannan dizain a sitikar kwalabe 5,000 da za a sayar. Na biyu, ko zan iya miƙa mata dizain ɗin ta ci gaba da amfani da shi, kuma wace takarda ake buƙata tsakanina da ita. Na uku, tana son yi wa tambarin rajistar alamar kasuwanci, ko hakan ya halatta alhali zanenku yana ciki. Na huɗu, in na daina biyan kuɗin wata, ko izinin abin da na riga na sauke yana nan. Ina roƙon amsa a rubuce, tare da sashen yarjejeniyar da ya yi magana a kai.»

Ni abin da ya burge ni a saƙon shi ne babu roƙo, babu doguwar gaisuwa irin tamu da sai mun tambayi lafiyar iyali da gajiya da sanyi. Kowace tambaya ana iya amsa ta da e ko a'a. Kuma ya tura shi ne ta shafin taimako na kamfanin, yana cikin asusunsa, ba a ƙarƙashin wani hotonsu na Instagram ba, inda wasunmu suke zuwa su rubuta koke su yi ta jira.

Su waɗannan tambayoyi, in mutum ya daure ya karanta yarjejeniyar, zai tarar amsarsu tana ciki. Buga dizain a kan kayan sayarwa ya halatta, in dai dizain ne ka haɗa da kanka. Abin da aka hana shi ne ka ɗauko zanensu shi kaɗai, ba ka taɓa shi ba, ka manna a riga ko kofi ka ce ga kaya. Miƙa wa kwastoma ma ya halatta, amma da sharaɗin a yi rubutacciyar yarjejeniya cewa shi kaɗai zai yi amfani da shi kuma bisa ƙa'idojin nan, sannan dizain ɗaya na kwastoma ɗaya ne. A nan aka kalli juna, domin a cikinmu akwai wanda katin biki ɗaya ya aurar da amare sun fi goma, suna kawai yake canzawa. Abin da ka sauke lokacin da kake biya kuma izininsa ba ya mutuwa don ka daina biya, amma a kan wannan dizain ɗin kaɗai. In za ka sa zanen a sabon aiki, sabon izini ke nan.

Ta ukun ce ta rushe gini. Ba a yarda a yi wa tambari rajistar alamar kasuwanci ba in akwai zane ko hoton rumbun Canva a ciki, na kyauta ne ko na Pro. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rajista tana nufin wannan alama tawa ce ni kaɗai. Kaskon turaren nan kuwa izininsa na kowa ne, matar nan ta Kaduna ma in ta buɗe wayarta za ta same shi, kuma tana da damar sa shi a kwalbarta daidai da Hajiya. Abin da aka bari a tambarin da za a yi wa rajista shi ne layuka da siffofi masu sauƙi, irin su da'ira da murabba'i, da kuma fonts ɗin da ke cikin manhajar. Duk wani zane na musamman sai dai ka yi abinka ka ɗora.

Mai shayi ya ce ai Hajiya tana da satifiket na CAC, me kuma ake nema. Wannan ma wani ruɗanin namu ne. Hukumar CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista. Alama kuwa ofishinta daban ne, na rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Mutum yana iya riƙe da takardar CAC a firem, tambarinsa kuma yana yawo ba mai shi.

Saura font. Wannan yaron bai sa shi a cikin saƙon ba, kuma daidai ya yi, domin ba kayan Canva ba ne, shi ya shigo da shi daga waje, don haka ba su da ta cewa a kai. Da aka koma shafin DaFont inda ya sauko da shi, sai ga rubutu ƙarami a saman maɓallin saukewa: Free for personal use. Mu kalmar farko kawai muke gani, idonmu ba ya ƙarasa sauran. Ma'anarta ka yi wa ƙanwarka katin murnar sauka, ba ka karɓi kuɗin Hajiya ba. Wanda aka saki gaba ɗaya ana rubuta masa 100% Free, kuma ko shi sai ka buɗe ɗan fayil ɗin bayani da ke zuwa tare da font ɗin, domin maganar mai zanen ita ce magana, ba ta shafin ba. A cikin fayil ɗin ne yawanci ake samun imel ɗinsa da inda ake sayen lasisin kasuwanci. Ashe saƙo na biyu ke nan, zuwa ga wani mutum daban, da irin tambayoyin nan: tambari ne, za a buga kwafi kaza, za a yi rajista, nawa ne.

Yaron bai rubuta na biyun ba, don ya duba aljihunsa. Ya koma Google Fonts, inda mafi yawan fonts suke ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License, wanda ya yarda a yi aikin kuɗi da su, har da tambari, abin da ya hana shi ne ka sayar da font ɗin shi kaɗai. Can ma ya ci wata riba. Wancan mai lanƙwasar ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa a sitikar farko aka rubuta kamshi a maimakon ƙamshi. Irin su Noto Sans da Andika suna da haruffanmu masu ƙugiya. Sau nawa muka ga allon talla an rubuta wa mutum ɗan wane, harafin farko ya fito da wani salo daban kamar baƙo a gidan biki, ko ya koma akwati babu komai? Daga font ne.

Wani ya jefo tambayar da kowa yake riƙe da ita a ciki: wai wa zai kama mu? Kamfani yana Sidni ta Ostareliya, mu muna nan layin da ko taswirar waya ba ta san sunansa ba. Gaskiya ne, ba na jin akwai wanda zai hau jirgi saboda kwalbar humra. Amma ba daga can matsalar take zuwa ba, daga nan kusa take. Hajiya ta kashe kuɗin buga sitika 5,000, ta biya lauya, sannan a ce mata alamar ba ta tsayawa, ko ta ga kaskonta a kwalbar kishiyar sana'arta kuma ba ta da bakin magana. Wa za ta nema? Ba Sidni za ta je ba, gidanku za ta aiko. Waɗanda suke samun aiki daga ƙungiyoyi da kamfanonin waje kuma sun san ana sa musu sharaɗi a kwantiragi cewa duk abin da ke cikin aikin suna da izininsa, wani lokaci har a ce su turo shaida. Ranar nan hoton hirarka da mai linki, inda ya ce ba matsala, ba zai yi maka komai ba. Amsar kamfani a imel, da kwanan wata, da rasit mai sunanka, su ne ake nema. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ma an sabunta ta, wadda aka sa wa hannu a 2023, ko da yake mu a nan in aka ce haƙƙin mallaka 'yan fim da mawaƙa kawai muke tunawa.

Baba dai bai tsira ba shi ma. Yana cikin yi wa yara faɗa sai aka tambaye shi CorelDRAW ɗin da ke kwamfutar shagonsa fa, wane iri ne? Ya ce yaron da ya gyara masa kwamfuta ne ya zuba masa, tare da waƙoƙi. Aka ce to ko na gaskiya ne, akwai wanda ake kira Home & Student, mai araha, shi ma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Baba ya ce shayin nan ya huce, a ƙaro masa ruwan zafi.

Yaron ya ɗauki takarda da biro ya zana kaskon turare da hannunsa, irin namu na ƙasa mai ƙafa, ba wancan mai kama da fitilar Larabawa ba. Ya ɗauke shi hoto, ya bi layukan a kwamfuta, ya ɗora. Ya rubuta 'yar takarda shafi ɗaya tsakaninsa da Hajiya, wadda ta faɗi abin da ya zana da kansa, da sunan font da lasisinsa, da abin da ya ɗauko daga Canva ya sa a fostar talla kaɗai. Ya buɗe jaka a wayarsa da sunan aikin, ya zuba rasit da saƙonsa da amsar da aka ba shi. Ya kuma ƙara kuɗin Pro na watan a cikin kuɗin aiki, Hajiya ta yi mita ta biya.

Ku da kuke karanta wannan kuna murmushi, ku shiga saitin asusunku yau ku duba sunan makarantar da kuke. In kun tarar ku ma 'yan aji ne, ku kwashe kayanku tun mai linki bai canza lamba ba.